Me Ya Sa Shimfiɗar Farko Ba Ta Kama Faranti a Firintar 3D, Kuma Yaya Ake Gyara Ta?

Duk wanda ya taɓa zama gaban firintar 3D ya san wannan takaicin. An ɗora zane, na'ura ta ɗumama, bakinta ya sauko ya fara zagaye, amma zaren robar da ya kamata ya kwanta ya lafe a kan faranti sai ya riƙa bin bakin yana jan jiki. Kafin minti biyu ya naɗe ya zama curi. Wani lokacin kuma aikin yakan fara lafiya ƙalau, mai shi ya tafi harkokinsa, ya dawo bayan awa uku ya tarar abin da ake bugawa ya ɓalle ya koma gefe, na'ura kuwa tana nan tana zuba roba a iska. Asarar roba ce, asarar wuta ce, ga lokaci da ya tafi.

Firintar da ake magana a kanta ita ce mai narka zaren roba tana jera shi hawa-hawa har abu ya tashi da siffarsa. Scott Crump, wanda yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Stratasys a Amurka, shi ya nemi rajistar wannan fasaha a 1989. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, wanda ya saki zanen irin wannan na'ura kyauta ga kowa, da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 kuma sai farashi ya karye. Zuwa 2018, lokacin da kamfanin Creality na birnin Shenzhen a Sin ya fitar da Ender 3, firintar ta riga ta zama abin da ɗalibi ko mai ƙaramin shago zai iya tara kuɗi ya saya. Da ita ake buga murfin na'ura, da maƙalin waya, da ƙananan kayan gyara da suka ɓace a kasuwa. Na'urorin sun yi araha kuma sun ƙara wayo, amma matsalar shimfiɗar farko tana nan, ita ce abin da sabon shiga yake fara cin karo da shi.

Dalilin a fili yake. Kowace shimfiɗa ta sama tana kwanciya ne a kan 'yar'uwarta roba mai ɗumi, su narke su haɗe. Ta farko ce kaɗai take kwanciya a kan baƙon abu, gilashi ko ƙarfe mai rufi, kuma ita ce za ta riƙe dukkan aikin na tsawon awanni yayin da faranti yake kai da komo. Sannan ana so ta saki cikin sauƙi idan an gama. Wato ana neman kamu mai ƙarfi da zafi, mai saki da sanyi.

Yawancin masu fama da wannan matsala gam suke fara nema. Wannan kuskure ne, domin gam shi ne na ƙarshe a layi. Abin da ya fi kawo matsalar shi ne tazarar da ke tsakanin nozul, wato ɗan bakin tagullar da roba take fitowa ta cikinsa, da fuskar faranti. Bayan ita sai tsabtar farantin, sannan zafi da iska.

Tazarar da ido ba ya gani

Zaren robar da aka fi amfani da shi kaurinsa milimita 1.75 ne. Na'ura tana tura shi cikin ɗakin zafi, ya narke, ya fito ta ramin nozul mai faɗin milimita 0.4. Kaurin shimfiɗa ɗaya yawanci milimita 0.2 ne. To a nan lissafin yake. Manhajar da ke tsara aikin, kamar Cura ko PrusaSlicer, ta riga ta auna yawan robar da za ta cika wani ɗan fili mai tsayin 0.2 da faɗin kusan 0.4, kuma wannan adadin na'ura za ta turo, ko tazarar gaskiya ta yi daidai ko ba ta yi ba. Idan tazarar ta yi daidai, leɓen nozul yana danne robar yana baje ta, sai ta shiga 'yan ƙananan kwarin da ke fuskar faranti ta kama. Idan kuwa tazarar ta kai 0.3, robar za ta fito zagayayya, gindinta kawai ke taɓa faranti, ba abin da ya matse ta. Kamar yaɓen bango ne: wanda ya jefa ƙasa bai bi ta da hannu ya danne ba, da ta bushe za ta zubo.

Bambancin milimita 0.1 kenan, kaurin takarda guda, ya raba aiki mai kyau da curin roba. Shi ya sa mutum zai duba da ido ya rantse komai daidai yake, alhali ba daidai ba.

Abin daɗin shi ne shimfiɗar farko tana faɗin abin da ke damunta, in an san karatunta. Idan nozul ya yi nisa, layukan suna fitowa zagayayyu masu sheƙi, da rata a tsakaninsu har ana hango faranti, kuma da an goga yatsa sai su tashi ɗaya bayan ɗaya. A kwana, inda nozul yake juyawa, layin yakan yanke hanya maimakon ya bi kusurwa. Idan nozul ya matso da yawa, robar ba ta samun wurin fita. Shimfiɗar takan yi siriri har a ga launin faranti ta cikinta, gefen kowane layi ya yi tudu mai kaushi, wani wurin ya yi kumbura-kumbura. A lokacin ne ake jin injin da ke tura zare yana ƙas-ƙas, haƙoransa suna zamewa a kan zaren saboda hanya ta toshe. Wannan ma yana hana kamu, domin nozul yana dawowa ya tuge abin da ya shimfiɗa, wani lokacin har ya karce farantin. Idan tazara ta yi daidai kuwa, layukan suna haɗewa su zama fata guda mai santsi, in aka ɓanɓaro ta aka ja ba ta rabuwa zare-zare.

Akwai tambaya guda da ke rage wahala: matsalar ko'ina take a faranti, ko gefe ɗaya? Idan ko'ina ne, tsayin nozul ne bai yi ba. Idan dama ta kama hagu ta ƙi, farantin ne ya karkace, sai an daidaita shi.

Yadda ake daidaita faranti da takarda

A Ender 3 da ire-irenta, farantin yana zaune a kan sifirin huɗu, kowanne da noti mai faɗin kai a ƙarƙashinsa. Ɗaure noti yana matse sifirin ya sauke wannan kusurwa, sassauta shi yana ɗaga ta. Kafin a taɓa ko ɗaya, sai a ɗumama faranti zuwa zafin da za a yi aiki da shi, domin alminiyom yana motsawa idan ya ji zafi, saitin da aka yi da sanyi ba lallai ya tsaya ba. A goge bakin nozul kuma, saboda ɗan ɗigon roba da ya daskare a kansa zai sa a auna ƙarya. A yi hattara da yatsu, nozul yana kaiwa digiri 200.

Daga nan sai a mayar da na'ura mafarinta da `Auto home`, a saki injinan da `Disable steppers` don a iya tura kan da hannu. A kai nozul saman noti na farko, a zura farar takardar ofis tsakaninsa da faranti, a riƙa jan ta gaba da baya ana murɗa noti har a ji takardar tana ɗan gogawa amma tana wucewa. A yi haka a kusurwa huɗu, sannan a sake zagayowa, domin taɓa kusurwa ɗaya yana motsa sauran. Zagaye biyu ko uku yakan isa. Kada a jingina hannu a faranti lokacin awo, nauyin hannu kaɗai yana sauke shi.

Abu biyu ne ba kowa ke faɗa wa sabon shiga ba. Na farko, zaren waɗannan notin yana tafiyar milimita 0.7 a kowane zagaye guda. Rubu'in zagaye kenan ya kusa kaurin shimfiɗa ɗaya cur. Wanda yake murɗa rabin zagaye yana cewa ɗan kaɗan ya taɓa, ya tsallake daga nisa da yawa zuwa kusa da yawa ba tare da ya bi ta daidai ba. Na biyu, ita kanta takardar tana da kaurin kusan milimita 0.1, kuma abin da wani zai kira ɗan gogawa ba shi wani zai kira ba. Don haka takarda tana daidaita kusurwoyi da juna, amma ba ta ba da tsayi na ƙarshe. Tsayi na ƙarshe ana samunsa ne lokacin da roba take fita.

Hanyar ita ce a buga murabba'i mai faɗin santimita biyar ko shida, kaurin shimfiɗa ɗaya tak, a zauna a zuba masa ido. Yawancin na'urori suna barin a sauke ko a ɗaga nozul ana cikin aiki. A wasu sunan wurin `Babystep Z`, a wasu `Z offset`, a na'urorin Prusa na Jamhuriyar Cek kuma `Live adjust Z`. Ana tafiya da 0.02 ko 0.05 a kowane taku, a jira layi uku ko huɗu su fito a ga bambanci kafin a ƙara. Ƙara lambar zuwa ɓangaren ragi yana kusanto da nozul ga faranti, wato -1.85 ya fi -1.80 kusa.

Na'urori da yawa yanzu suna zuwa da ɗan tsinken lalube, irin BLTouch ko CR Touch, wanda ke taɓa faranti a wurare da dama ya zana taswirar tudu da kwarinsa, sai na'ura ta riƙa hawa da sauka tana bin taswirar. Wannan yana maganin farantin da ya lotsa a tsakiya, wanda noti huɗu ba za su iya miƙar da shi ba. Amma tsinken bai san nisan da ke tsakaninsa da bakin nozul ba, sai an gaya masa, kuma duk lokacin da aka canja nozul ko faranti sai an sake dubawa. A na'urorin da ke aiki da manhajar Marlin, ana rubuta lambar a adana ta haka, da lambar da mutum ya samu a gwajinsa:

```
M851 Z-1.85
M500
```

Akwai wani tarko a nan da ya wahalar da mutane da yawa. A tsarin Marlin da dama, umarnin `G28` da ke mayar da na'ura mafarinta yana kashe amfani da taswirar. Mutum ya auna faranti, ya adana, amma na'ura tana bugawa kamar ba a auna ba. Maganin shi ne a duba umarnin farawa a cikin manhajar tsara aiki, a tabbatar akwai layin da ke kunna taswirar bayan komawa mafari:

```
G28
M420 S1
```

Wanda ya fi son a sake awo kafin kowane aiki sai ya sa `G29` a madadin layi na biyu.

Maiƙon hannu da ƙurar hunturu

Idan layuka sun kwanta sun baje yadda ya kamata amma duk da haka wani wuri yana ƙin kamawa, musamman tsakiyar faranti ko bakin da ake yawan riƙewa, to maiƙo ne. Yatsan mutum yana barin wani siririn mai a duk abin da ya taɓa, roba mai zafi kuma ba ta kama mai. A ƙasar Hausa abin yana ƙaruwa da hunturu, lokacin da kowa yake shafa basilin ko man kaɗanya saboda kaushi, ga ƙura da ke sauka a kan komai ko da taga a rufe take. Farantin da ya kwana a buɗe cikin Janairu a Kano ko Damagaram, da safe an riga an yi masa shimfiɗar farko ta ƙura.

Ana goge faranti da sifirit mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta IPA a jikin kwalbarsa, a kan takardar goge-goge mai tsabta, kuma da sanyi ake yi, domin a kan faranti mai zafi sifirit yana tashi kafin ya narkar da komai. Ruwan tsabtace hannu da ya yaɗu lokacin korona bai dace ba, saboda yawancinsa an haɗa shi da sinadarin laushin fata wanda ke barin danƙo. Shi ma sifirit yana da iyaka. Idan maiƙo ya taru, baza shi kawai yake yi. Abin da ya fi aiki, kuma ya fi araha, shi ne a cire farantin a kai shi famfo a wanke da ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke, a ɗauraye sosai, a busar da takarda mai tsabta, daga nan a riƙa kama shi ta gefe. Farantai da yawa da aka yanke wa hukuncin sun mutu, wanka kawai suke bukata.

Nau'in fuskar farantin ma yana da tasiri. Akwai gilashi, akwai tabarmar maganaɗisu mai laushi, akwai falankin ƙarfe mai lanƙwasuwa da aka rufe da wata roba mai suna PEI, mai santsi ko mai gurza-gurza. Robar PLA tana son PEI mai santsi. Robar PETG kuwa takan kama PEI mai santsi da gilashi fiye da kima, har ta ɓanɓaro rufin ko ta ɓalli gilashin wajen cirewa. A nan ne gam na sanda irin na 'yan makaranta yake da amfani na gaske, a shafa shi siriri ya shiga tsakani don aikin ya saki lafiya. A kan gilashi tsirara ma yana taimaka wa PLA. Abin da ba ya yi shi ne cike tazarar da ta yi yawa. Gam da aka lafta hawa kan hawa yakan bushe ya yi tudu, ya ƙara ɓata tsayin da ake wahalar saitawa.

Zafi, fanka da kusurwar da ke ɗagawa

Roba tana ƙanƙancewa idan ta huce. Shimfiɗun sama suna hucewa suna jan na ƙasa zuwa ciki, ƙarfin jan kuma ya fi taruwa a kusurwoyi masu kaifi. Shi ya sa abu mai faɗi yake fara ɗagawa ta kusurwa, kuma sau da yawa sai bayan an yi nisa da aiki. Ana ɗumama faranti ne don gindin aikin ya zauna da ɗan laushi, kada ya ja da ƙarfi. PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, don haka ake sa farantinta tsakanin 50 da 60, nozul kuma tsakanin 190 da 220. PETG tana son faranti mai 70 zuwa 85. ABS, robar da ake yin tubalan wasan Lego da ita, sai faranti ya kai 100 zuwa 110, kuma ita ce ta fi taurin kai, domin abu mai tsawon santimita 15 yana iya raguwa da kusan milimita guda yayin hucewa. Ba a cika cin nasara da ita ba sai an rufe na'urar cikin akwati, a ɗakin da ba mutane ke kwana ba saboda warinta.

Ƙara zafi ba kullum yake gyara ba. Idan aka kai farantin PLA digiri 70 ko sama, gindin aikin yakan yi laushi da yawa ya baje waje, abin da masu sana'ar ke kira ƙafar giwa, kusurwa ma tana iya ɗagawa saboda babu taurin da zai riƙe ta. Sannan lambar da ke allo zafin ƙarƙashin faranti ce, inda ma'aunin yake manne. Idan akwai gilashi a sama, fuskarsa tana bayan wannan lamba, sai a ba shi minti biyar zuwa goma bayan allo ya nuna ya kai.

Iska kuma abokiyar gaba ce a mintunan farko. Ƙaramar fankar da ke jikin kan na'ura, mai hura wa aikin iska, ya kamata ta zauna a kashe a shimfiɗar farko, yawancin manhajoji ma haka suke zuwa. Wadda ake mantawa da ita ita ce fankar sama ta ɗaki, da taga, da na'urar sanyaya ɗaki da ke hurowa kai tsaye. Kwali babba da aka kare gefen na'ura da shi yana iya kawo ƙarshen matsalar da aka yi mako ana bi.

Sauri ma haka. Shimfiɗar farko a milimita 20 cikin daƙiƙa tana ba roba lokacin kwanciya. Ana kuma iya ɗan ƙara mata kauri zuwa 0.24 ko 0.28 ta `Initial Layer Height` a Cura, domin shimfiɗa mai kauri ta fi haƙuri da ɗan rashin daidaiton faranti.

A ɗauki misalin mai gyaran lantarki da yake son buga akwatin da zai saka allon cajin sola, tsawo santimita 12, faɗi 8, da robar PLA a kan Ender 3 mai farantin gilashi. Nozul 200, faranti 60. Da aka fara, layin kewaye ya kama a dama, a hagu ta gaba kuwa ya biyo nozul. Tun da gefe ɗaya ne, karkata ce. Takarda ta tabbatar: a wannan kusurwa tana wucewa ba ta taɓa komai. Ya sassauta notin kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, wato kusan milimita 0.09, ya zagaya sauran sau biyu. Ya buga murabba'in gwaji, sai ga layuka sun kama ko'ina amma da 'yar rata tsakaninsu. Yanzu matsalar ta zama ta ko'ina, don haka tsayi ne. Ya sauke nozul da 0.05, rata ta ragu, ya ƙara 0.02, fata ta haɗe. Ya sake fara akwatin. Wannan karon gindi ya kwanta sumul, sai wani tabo kamar girman babban yatsa kusa da tsakiya inda roba ta yi ƙuraje ta ƙi lafewa. Tabo mai iyaka irin wannan maiƙo ne, wurin da aka dafa lokacin cire aikin jiya. Ya wanke gilashin da sabulu, tabon ya tafi.

Bayan minti arba'in, akwati ya kai tsayin santimita guda, sai kusurwar da ke fuskantar taga ta ɗaga har ana iya zura farce. Shimfiɗar farko ba ta da laifi a nan, jan hucewa ne da iska ta tsananta. Ya rufe taga, ya kashe fankar sama, ya kunna `Brim` mai faɗin milimita 8 a manhaja. Wannan wani siririn leɓe ne mai kaurin shimfiɗa ɗaya da ake bugawa kewaye da gindin aiki don ya ƙara faɗin kamu, a yanke shi da wuƙa bayan an gama. Da zanen nasa ne, zai iya zagaye kusurwoyin kaɗan, domin kusurwa mai lanƙwasa ba ta tara ƙarfin ja kamar mai kaifi. Akwatin ya fito da gindi a miƙe, ba a shafa gam ko ɗigo ba. Matsala huɗu ce ta haɗu a aiki ɗaya, kuma an gano kowacce ne saboda abu ɗaya ake canjawa a kowane gwaji. Da ya ƙara zafi, ya shafa gam, ya murɗa noti duka a lokaci guda, ko da aikin ya yi ba zai san me ya gyara shi ba, gobe kuma zai koma gidan jiya.

Akwai lokacin da duk wannan ba ya isa, alamar laifin na jikin na'ura ne. Idan an daidaita faranti yau, gobe ya sake kaucewa, a kama shi a girgiza a hankali. In yana rawa, tayoyin da yake gudu a kansu sun saki, akwai noti na musamman a jikin wasu daga cikinsu da ake juyawa da sifana har rawar ta tsaya. Sifirin da aka sassauta har ƙarshe ma ba ya riƙe saiti, gara a matse su duka zuwa kusan rabi sannan a daidaita makunnin tsayawar da ke gefen na'ura. Idan layi yana fitowa da yankewa, siriri nan kauri can, mai yiwuwa nozul ya fara toshewa. Idan kuwa ana jin ƙarar fashewa ƙanana a bakin nozul, layin yana fitowa da kumfa, zaren ya sha danshi, abin da ke yawan faruwa da damina ga naɗin da aka bari a buɗe. PETG ta fi PLA saurin shan danshi. Ana busar da PLA a zafin digiri 45 na awa huɗu zuwa shida, a ajiye ta cikin leda ko bokiti mai murfi tare da 'yan ƙunshin da ke tsotse danshi.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda masu firinta a wannan yanki suka fi kowa saninta. Ender 3 da wasu na'urori suna iya ci gaba daga inda suka tsaya idan wuta ta dawo, amma wannan bai hana faranti hucewa ba, kuma an yi gilashi da PEI ne don su saki aiki idan sun huce. Wuta ta tafi rabin awa, aikin ya riga ya ɓalle ko da ido bai gani ba, nozul na dawowa zai ture shi. Mai buga aikin awa takwas a inda wuta ba ta da tabbas yana bukatar inbata da batir, ko ya raba zanen gida-gida ya buga guntu-guntu.

Ga mai karatu da ya sayi firinta ko yake shirin saya, kada ya danna fara aiki ya juya baya. Ya tsaya minti uku na farko, ya haska fitilar waya ta gefe a kan faranti don inuwar layuka ta fito, in ya ga rata ko tudu ya tsayar da aikin nan take ya gyara tsayi kafin ya taɓa wani abu.